Lambar Alhaji a Hannun Kowa

Mu dai a layinmu kusan kowane shago ya sa kwamfutar ciniki, amma ku tambaya ku ji: da lambar sirri ɗaya ake shiga, ta maigida. Kashiya ya san ta, mai sito ya san ta, har ƙanin Hajiya da ke zuwa taya aiki lokacin hutu. In ka yi magana sai a ce, "Haba Alhaji, ai duk 'yan gida ne."

To, ga yadda kuɗi ke zurarewa. A ce akwai katan 40 na taliya a sito. Wani ya sayi biyu, ya biya kuɗi hannu, ya tafi bai karɓi rasit ba, kamar yadda yawancinmu muke yi. Sai kashiya ya soke cinikin. Kwamfuta ta koma tana cewa 40, alhali a ƙasa 38 ne. Da a nan aka tsaya, ranar ƙirga kaya asiri zai tonu. Amma tunda lambar maigida ce a hannunsa, sai ya shiga wajen gyaran adadi ya mai da shi 38, ya rubuta wai ɓera ya ɓata biyu. Shi ke nan, lissafi ya daidaita, kuma duk abin da aka yi sunan Alhaji ne a kai.

Shi ya sa masu lura a cikinmu suka raba wa kowa hurumi. Kashiya ya sayar, ya buga rasit, ya yi ragi iya abin da aka yanka masa. Ba ya ganin farashin sari, kuma in rasit ya fita ba zai soke ba sai maigida ya zo ya danna tasa lambar. Mai sito ya shigar da kayan da suka iso, ya rubuta waɗanda suka lalace, amma adadi ba ya canzawa sai an amince, kuma ba ruwansa da kuɗi. Riba da sauya farashi na maigida ne shi kaɗai. Abin da ake gudu dai shi ne hannu ɗaya ya riƙe kuɗi ya kuma riƙe ƙirga.

Ni abin da ya fi faranta min rai shi ne yaro mai amana ya huta da zargi. Da, in an samu giɓi, kowa sai an harare shi, har a kai ga rantsuwa. Yanzu kuwa sunan wanda ya yi abu da lokacin da ya yi shi duk suna rubuce.

Sai dai fa inda muke rusa abin shi ne waya. Alhaji yana Kwari, an kira shi za a soke ciniki, sai ya karanto lambar. Daga ranar an koma gidan jiya. Kuma in kashiya da mai sito suka haɗa baki, manhaja ba ta ganewa, sai an shiga sito an ƙirga da hannu. Don Allah maƙwabta, kowane dare a duba jerin cinikin da aka soke, kuma yaron da ya bar aiki a rufe sunansa a ranar.