Ajin da Ke Kuka da Baki a Rufe

A kwalejin ilimi an koya mana tsara darasi dalla-dalla: manufa, abin da yara suka riga suka sani, gabatarwa, matakai, sai tambayoyin aunawa, duk a cikin minti 40. Amma ba wanda ya gaya mana abin da ake yi idan aji ya kama gunji.

Aji biyu na ƙaramar sakandare aka ba ni a koyarwar gwaji, darasin Hausa, ana dawowa daga tara. Da zarar na juya ina rubutu a allo, sai wani "mmmm" ya taso daga baya kamar an tsokano amyar zuma. In na waiwayo, tsit. Kowa bakinsa a rufe, ido a kan littafi. Gwanintar abin ke nan: mai surutu bakinsa ke tona shi, mai gunji kuwa ta hanci yake aikinsa.

Na sa monita ya rubuta min sunayen masu yi. Ya kawo takarda cike, na sa su tsallen kwaɗo. Washegari gunjin ya ƙaru, don yanzu har da waɗanda aka zalunta. Raina ya ɓaci, na ce kowa ya durƙusa ya ɗaga hannu sama. Suna cikin haka sai ga malamar da kwaleji ta turo duba ni ta yi sallama. Ta nemi tsarin darasina, ta duba, ta dubi ajin, ta ce, "Malam, wannan mataki na nawa ne?"

Bayan an tashi, wani dattijon malami ya ja ni gindin darbejiya. "Ɗana, kai kake ba su ƙeya," in ji shi. "Shiga tun ana tara ka cika allonka. In dole ne ka yi rubutu, tsaya a kaikaice. Sannan ka ba bakin aiki, ba mai iya gunji yana karatu." Ya ce in haddace sunaye, in riƙa zagayawa tsakanin bencina ina kallon maƙogwaro, domin nan ne yake rawa.

Haka na yi. Na rubuta jimlolin tun da wuri, na sa layi-layi suna karantawa da ƙarfi, ina kiran suna ba zato. Gunjin ya yi ta raguwa har ya rage murya ɗaya, siririya, daga bencin gaba. Na bi ta a hankali, na tsaya a kanta.

Monita ne. Maƙogwaronsa na rawa, biro a hannunsa, yana rubuta sunan yaron da ya hana shi awara.