Ranar da Na So Aika wa Jamus Iskar Kano

Kafin in sayar da ko tsinke a ƙasar waje, sai da na buga kati guda ɗari biyar. A jikinsa akwai hoton jirgin sama, da taswirar duniya, da sunana, a ƙasa kuma an rubuta Manajan Darakta. Ofishina a lokacin tabarmar zaure ce, ma'aikatana kuwa ni ne da wayata mai tsagaggen gilashi. Uwargida ta karɓi katin ta juya gaba da baya, ta ce, "Maigida, to ina kayan?" Na ce mata harkar fitar da kaya ba tallan ƙosai ba ce, da suna ake farawa.

Kayan da na zaɓa tumtum ne, irin na fatar akuya da dukawa ke ɗinkawa, ja da baƙi da ɗorawa, wanda ake jingina da shi a falo. Akwai wani dattijon baduku a cikin birni, kusa da Kasuwar Kurmi, da ya san mahaifina, a wurinsa na ɗauki hotuna. Na sa su a intanet tare da dogon kirari: jima da bagaruwa, rini da karan dafi, ita ce jar fatar ƙasar Hausa da ayari ke ƙetara Sahara da ita har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Wannan duk gaskiya ne. Ƙaryar da na yi ɗaya ce, inda na rubuta cewa mun ƙware wajen aika kaya ko'ina a duniya. Iyakar aikena har ranar bai wuce buhun gero da na taɓa bai wa direba a tasha ya kai Zariya ba.

A cikin 2023 wata mata daga Hamburg ta ce tana son guda biyu. Na yanka mata yuro 90 kowanne, na zauna jiran ta taya. Ba ta taya ba. Ta ce nawa ne kuɗin aikawa? Na ɗora cikakkun tumtum biyu a sikelin mai shinkafa, kilo 7, na yi lissafin da ni kaɗai na san tushensa, na ce yuro 40. Sannan, don ta san da manyan 'yan kasuwa take hulɗa, na ƙara layin da har yau nake mafarkinsa: ba za ki ƙara ko sisi ba har ƙofar gidanki. Yuro 220 suka shigo. A daren nan na sayo wa gida tsire, na kuma fara tambayar farashin fili.

Da na je ɗaukar kaya, Baba baduku ya ninke fatun biyu kamar dardumar salla ya miƙo mini. Na ce a'a, a cika su da audugar rimi tam, Baturiya ba za ta karɓi holoƙo ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, masu zuwa saye daga waje a ninke suke tafiya da shi. Can sai su cusa tsumma." Na yi murmushin wanda ya yi boko, na ce, "Baba, wannan wani mataki ne daban." Bai ƙara magana ba, ya cika su har suka yi ƙyalli. Kafin in fita na hango wani ɗan walat mai zanen ɗigo-ɗigo, na fatar mesa. Na ce a sa mini shi gyara. Ai ko tumatir ka saya a Kano ana yi maka gyara, balle wadda ta biya ba ciniki.

Na samo katon kwalin da aka kawo injin wanki a ciki, na yanke shi daidai, na cusa tumtum, na naɗe da salatif har naɗi uku suka ƙare, na ɗaure da igiya kamar kayan amarya. Washegari na sa farar shadda da hula zanna bukar, na ɗauki a-daidaita-sahu zuwa ofishin wani kamfanin aika kaya ta jirgi, kwalin a cinyata, ba na ko ganin titi.

Yarinyar da ke kan kanta ta ɗora kwalin a sikeli, kilo 7 da ɗoriya, na gyaɗa kai irin na wanda lissafinsa ya fita. Sai na ga ta zaro tef irin na tela. Na ce, "Malama, ba riga za a ɗinka masa ba." Ta ce, "Yallaɓai, jirgi ba nauyi kaɗai yake sayarwa ba, har da wuri." Ta auna tsawo santimita 60, faɗi 60, tsayi 50. Ta ninka su, 180,000, ta raba da 5,000, ta juyo mini da kalkuleta: 36. Ta yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya, cewa kowane kwali nauyi biyu gare shi, na sikeli da na girma, kuma wanda ya fi yawa shi ake biya. Nawa kilo 36 ne. Da ta faɗi kuɗin a naira, na mayar da shi yuro a zuci, na ga ya haura duk abin da matar ta turo, da kuɗin kaya da na dako. Wato kilo 29 na iskar Kano zan saya wa tikitin jirgi zuwa Jamus.

Na ce a yi mini ragi. Ta ce kwamfuta ce. Na ce ina manaja, na miƙa katina. Ta karanta, ta ajiye a gefe da ladabi, ta ce, "Yallaɓai, ba a iya cire abin da ke cikinsu ne?"

Haka na fito bakin ofis, na tsuguna a gefen kwata da aron reza, na yanka salatif ɗin da na kwana ina naɗawa, na kwance bakin tumtum. Wanda bai taɓa buɗe audugar rimi a cikin iskar hunturu ba, kada ya gwada. Ta tashi kamar an saki fara. Ta shiga hancina, ta manne a gemuna, ta lulluɓe hular, ta bi layi har tiren mai gyaɗa. Yara suka taru suna kamawa suna ihu, mai gadi ya kawo mini buhu yana dariya har da riƙe ciki, wani mai wucewa ya tsaya ya tambaye ni nawa nake gyaran katifa. Ina atishawa ina tattarawa, Manajan Darakta guda, na yi fari fat kamar tsohon da ya fito daga injin niƙa.

Na ninke fatun yadda Baba ya ninke su tun farko. Suka shiga ƙaramin kwali mai 40 da 30 da 10, wanda nauyin girmansa kilo 2.4 ne, sikeli kuma ya ce 3. Aka caje ni na kilo 3, kimanin yuro 70. Har a nan na yi asarar 30 a kan abin da na karɓa, amma na ji kamar an yi mini bushara. Wajen cike takarda ta tambaye ni abin da ke ciki, na ce tumtum biyu na fatar akuya, yuro 180. Walat ɗin yana ƙunshe a cikin ninkin fata, ban ambace shi ba, don a ganina kyauta ba kaya ba ce. Ta ce DAP ko DDP? Na ji kunyar tambaya bayan abin da ya faru, na ce na farkon. Daga baya na gane DAP na nufin mai karɓa ne zai biya harajin shigowa, DDP kuma mai aikawa. Na yi alkawarin ɗaya a saƙo, na sa hannu a kan ɗayan a takarda.

Kwana shida ina bin lambar kayan a waya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Rana ta bakwai kwalin ya tsaya cak a hannun kwastan na can. Sai ga saƙon matar, a taƙaice, babu ko gaisuwa. Abu na farko, an nemi ta biya harajin kashi 19 cikin 100, kuma ba a kan kuɗin kaya kaɗai ba, har da kuɗin dako: 180 da 70 sun zama 250, harajinsu ya kusa yuro 48. Ga kuɗin fito, tunda kayan sun wuce yuro 150, ga ladan kamfanin da ya yi aikin takardun. Ta haɗo da hoton layin nan nawa na ko sisi, ta ja masa jan layi a ƙasa.

Abu na biyu shi ya sa na zauna a ƙasa. An buɗe kwalin an ga walat. Mesa tana cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta 1973 ta sa wa ido, tare da kada da damo da guza, kuma fatarsu ba ta ƙetare iyaka sai da takardar izini, ko da ɗan maɗaurin agogo ne. Nawa ba izini, ba ya ma cikin takardar kaya. Matar da ba ta nemi walat ba, ba ta san da shi ba, ita aka aika wa wasiƙa ta yi bayanin yadda aka yi fatar maciji ta zo da sunanta. Na rubuta mata dogon bayani a kan al'adar gyara, cewa alamar mutunci ce a wurinmu. Ta amsa da layi ɗaya: don Allah kada in sake mutunta ta.

Sai da na rubuta takardar amsa laifi cewa ni na sa, ba da saninta ba. Aka ƙwace walat, aka saki tumtum bayan mako uku, na mayar mata da duk abin da ta biya, wajen yuro 80. Da na zauna lissafi, fata 70, dako 70, haraji 80, ban da auduga da salatif da tsire da abin da banki ya yanka. Garin gyaran gira na rasa ido. Na je na ba Baba labari ina jiran jaje, ya ci gaba da huda fata da basilla, ya ce, "In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ka dawo mini da audugar ko ka saya?"

Na saya. Uwargida ta ɗinka matasan kai biyu da ita, yara suna kiransu 'yan Jamus, katunan nan kuma da su ake kwashe tokar turaren wuta. Matar Hamburg ta turo hoto daga baya, ta cusa tsofaffin riguna a tumtum ɗin, sun zauna daram a falonta, daidai yadda Baba ya faɗa.

Ɗan'uwa, in kana shirin wannan harka, ka auna kwali da tef kafin ka faɗi farashi, ka yi magana a fili kan wanda zai biya haraji, duk abin da ke cikin kwali kuma ya kasance yana kan takarda. Gyara kuwa, ka bar wa mai tumatir.