Yadda Ake Barar Kuɗin Fim a Ƙare da Sana'ar Riguna

Duk wanda ya taɓa roƙon jama'a kuɗin fim a Kickstarter ya san yadda ake buɗe shafi da marairaice fuska a bidiyo. Don haka mai wannan rubutu, wanda bai jima da fitowa daga wannan ukuba ba, zai wuce kai tsaye inda ke ciwo.

Shawara ta farko: mai fim ya daina ambaton Veronica Mars. Gaskiya ne a 2013 masu shirin sun nemi dala miliyan 2, suka tashi da kimanin miliyan 5.7 daga mutum sama da 91,000. Amma shirin ya shekara uku a talabijin, ga Warner Bros. a bayansa. Shi kuwa bawan Allah, masoyansa su ne gwaggonsa da abokan makaranta, masu aiko "Allah ya sa albarka" su bar katin banki a aljihu.

Ta biyu, kasafi na tsakani da Allah. A ce dala 20,000 ake nema. Dokar dandalin ita ce ko a cika adadin kafin wa'adi, ko a tashi hannu rabbana. In an cika, zai yanki kashi 5 cikin ɗari, wato 1,000, kuɗin cira daga kati kuma ya ci kashi 3 zuwa 5. Wasu katunan ma ƙin biya suke yi. Kafin a kunna kyamara kusan 2,000 sun yi layar zana. A rubuta wannan ɓaro-ɓaro, tare da abincin ma'aikata da gyaran sauti, wanda ba a tunawa da shi sai an ji kukan janareto a tsakiyar hirar masoya.

Sai matakan tukuici. Mai dala 10 a sa sunansa a ƙarshen fim, mai 35 a tura masa fim ɗin ta intanet, mai dubbai ya leƙo wurin ɗauka. Duk ba sa buƙatar ambulan.

Amma riga! Wane ne ya ƙirƙiro alkawarin riga? A ce mutum 200 sun zaɓi ta dala 25, kowace ta ci 12 tsakanin bugu, ambulan da kuɗin fasa-ofis: 2,400 sun tafi daga cikin 5,000. Wanda ke wata nahiya kuwa, kuɗin aika masa kaɗai na iya cinye gudummawarsa. Sai a tura tambayar girman riga, wasu su yi gum. Wani ya sauya gida, wani ya ce ya yi ƙiba, wata ta ce ba wannan shuɗin ta gani a hoto ba. Daraktan da ya kamata a ce yana ɗakin tace hoto, ga shi durƙushe a falo da tsakar dare, salatif manne a gwiwar hannu, yana neman XL ɗin da ta ɓata. Wannan ba raha ba ce, zalunci ne.

An so a yi shawara ta huɗu kan haraji, amma akwai kwali biyu da suka dawo saboda adireshi, kuma ana rufe fasa-ofis ƙarfe biyar.