Yadda ake zama kwantabul bayan sallar lisha

Ya kai ma'aikacin Damagaram mai son koyon lissafin kuɗi ba tare da ka ajiye aikinka ba, fara da neman gafarar 'yan fadarku. Sha shayi na farko, ka miƙe. Wanda ya zauna jiran na uku, barci zai riga shi zuwa wurin littafi. Awa ɗaya kowane dare ta fi a tara komai sai Lahadi. Ka kuma cika batirin komfutarka da rana, don wutar lantarki ba ta rantse za ta jira ka ba.

Kada ka ɗauko darasin da aka shirya wa Kano ko Landan. A Nijar da tsarin SYSCOHADA ake aiki, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018. A cikinsa kowane asusu da lambarsa. Huɗu sun ishe ka watan farko: 571 akwatin kuɗi, 701 sayar da haja, 411 masu saye, 4431 harajin TVA da ka karɓa.

Daga nan sai ka lallashi kawunka mai shago a Kasuwar Dole ya ba ka aron littafin cinikinsa. Zai ce komai yana kansa. Ka yaba wa kan, ka sake roƙon littafin. In ya ce ya sayar a "ɗari biyu", tambaye shi kafin ka rubuta, domin da dala yake ƙirga, kuma dala ɗari biyu tamma 1,000 ce. Littafin kwantabul tamma kawai ya sani.

Ga inda sabbin shiga suke zamewa. A ce shagon yana cikin masu karɓar TVA, an sayar da haja hannu da hannu a kan 119,000, haraji a ciki. Tunda TVA kashi 19 cikin 100 ne, mai gaggawa sai ya cire kashi 19 daga jimillar, ya sami 22,610. Ya yi wa gwamnati kyautar 3,610 daga aljihun kawu! A kan ainihin farashi ake ɗora harajin, saboda haka rabawa za ka yi. A Excel na Faransanci, rubuta 119000 a A2, sannan a wani gurbi ka sa:

```
=A2/1,19
```

Farashi 100,000, haraji 19,000. Sai 119,000 ta shiga debi na 571, a kiredi kuma 701 ta ɗauki 100,000, 4431 ta ɗauki 19,000. In bashi aka ɗauka, 411 ce za ta zauna a gurbin 571.

Kada ka yi murna don debi da kiredi sun yi daidai, domin mai 22,610 ma nasa sun daidaita. Gwajin shi ne ka ninka farashin da 1,19. In bai maido ka kan 119,000 ba, koma baya.

Kuma don Allah, a gida ake wannan karatu. Lokacin ofis na wanda yake biyan ka albashi ne.