Wata nawa ajiyarka za ta ci da gida?

Mu nan Tsaskiya ba mu san zama babu ajiya ba. Wani akuya ce a turke, wani buhun gero a ƙuryar ɗaki, mata kuwa adashi. Amma tambayi mutum ajiyar nan tasa wata nawa za ta riƙe gidansa idan nema ya tsaya, sai ya ce maka, "Ai da ɗan dama." Ɗan dama nawa ne? Wannan ita ce gardamar da ake yawan tafkawa a teburin mai shayi bayan isha'i, kuma ina bayan masu cewa a lissafa.

Mu ɗauki misalin tela mai iyali bakwai, da farashin da muka ƙiyasta don lissafi kawai, kowa ya sa nasa. Hatsin da gidan ke ci a wata ya kai na naira 40,000. Cefane naira 1,000 kullum, 30,000 ke nan. Itace, sabulu da niƙa 9,000, magani da kuɗin laraba 5,000, man babur da katin waya 6,000. An tashi da 90,000. Anko, gudunmawar biki da kayan sallah ba su shiga ba, domin ranar da ciwo ya kwantar da mai gida ba su ne za su hana yara barci ba.

A nan dattijon majalisa kan tare zancen: "Kai yaro, geron da na noma da hannuna za ka sa wa kuɗi?"

"Baba, sai an sa. Shekarar da ba a samu shiga gona ba, ai a kasuwa za a auno shi."

Kuma gaskiya ce da ba mai musu a ƙasar Safana da Batsari, inda gonakin da ke kusa da Dajin Rugu suka yi shekaru ana shigarsu da fargaba. Wanda ya cire hatsi daga lissafi zai ga 50,000 ce kawai ke fita a wata, ya yanka wa kansa ajiyar da ba za ta kai shi ko'ina ba.

Masana harkar kuɗi kan ce a tara abin da zai riƙe gida wata uku zuwa shida. Mai albashi na iya tsayawa a uku. Mu da samunmu ke bin kaka da ranar kasuwa, shida ta fi dacewa da mu, amma a fara kama uku tukuna. Ga telanmu, 90,000 sau uku ta ba da 270,000. Yana da akuya, sai a cire kuɗinta, amma kuɗin da za a saye ta ranar da ya ja ta kasuwa a matse, ba na jajibirin sallah ba. A ce 45,000. Saura 225,000.

Idan yana jefa naira 500 a asusu kullum, a wata ya tara 15,000. Raba 225,000 da 15,000, ka samu wata 15. To amma wa ke ajiya da damina? Taki da kuɗin ƙwadago sukan cinye wata uku cur, saboda haka watan gaskiya 18 ne, shekara ɗaya da rabi. Idan ya sayar da wake da kaka ya zuba 30,000 a lokaci guda, ya rage wa kansa wata biyu. Ranar da ya ɗebi 15,000 ya kai yaro asibiti Dutsinma, wata ɗaya ya ƙaru a lissafin, kuma ba laifi ya yi ba, dama don haka aka tara.

Abin da ke ɓata lissafin nan shi ne tashin farashi. Mun ga yadda kuɗin mota da na masarufi suka yi sama bayan cire tallafin mai a 2023. Idan cefanen telan ya koma 1,300 a rana, wata ya zama 99,000, abin da ake hari kuma ya koma 297,000, kusan ƙarin wata biyu na tari. Shi ya sa nake ganin duk kaka a sake zama da biro.

Matan gida kan ce, "To ai muna da adashi." Adashi na taimaka wa tari, amma kwasa sai layi ya zo kanki, ciwo kuwa ba ya jiran layi. In kin kwasa ki zuba a ajiyar, sannan ne ya shiga lissafi.

Sai inda za a ajiye. A 2021 an katse layin waya a Safana da Batsari, aka kuma hana cinikin dabbobi a kasuwanninmu, mai kuɗi a banki da mai akuya duk suka rasa yadda za su yi. A farkon 2023 kuma canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuya. Don haka telan zai fi samun natsuwa in ya raba 270,000 ɗin gida uku: na wata guda tsaba a hannu ba tare da an yi ta yayatawa ba, na wata guda a banki, na ukun a hatsi da dabba.