Mai Tocila Shi Ke Da Magana

Taransifomar unguwarmu ta ƙone, masu gyara suka ce sai naira 600,000. Gida 50 ne da shago 10 a kan layin, kuma tun kafin a zauna kowa ya san inda rigimar take: masu shago na so a raba daidai, kowa naira 10,000, magidanta kuwa sun rantse injin walda da injin markaɗe ne suka kashe ta. Mai Unguwa ya kira taro bayan isha'i a ƙofar gidansa, ya ce ni zan jagoranta, wai malamin firamare ya saba da hayaniya.

Liman na shafa addu'a na miƙe da takardata, na karanto dokoki. Mai son magana ya ɗaga hannu. Kowa minti biyu. Ba a katse mutum. Ba a kiran sunan kowa. Na damƙa wa wani yaro wayata ya riƙa duba lokaci.

Dokar farko ko tabarma ba ta taka ba ta rasu. Taron rashin wuta ne, da dare, babu farin wata. Na ce, "To, wa ya ɗaga hannu?" Murya ta fito daga kowace kusurwa: "Ni ne, Malam, tun ɗazu!"

Sai Baba Alhaji, dattijon layinmu, ya yi gyaran murya. Ya gai da Mai Unguwa, ya gai da Liman, ya tambayi iyalin kowa, ya yi wa mamatan unguwa addu'a. Daidai ya ce "to, game da wutar nan", wayar ta yi ƙara, yaron ya ce, "Baba, lokacinka ya cika." Wuri ya yi tsit. Baba Alhaji ya ce, "Ɗan wane ne wannan?" Ya sani sarai, jikansa ne.

Amma dokar da ta fi ja mini ita ce ta hana kiran suna, wadda nake taƙama da ita. Hana Bahaushe kiran suna ai buɗe masa ƙofar habaici ne. Wani ya tashi ya ce, "Ni ban kira sunan kowa ba, amma akwai mai tartsatsin wuta har tsakar dare." Mai walda ɗaya ne tak a unguwar. Ya zabura ya ce shi ma bai kira suna ba, amma akwai masu rataya waya a bayan mita, kuma gidansu na da koren ƙyaure. Da suna aka kira, mutum ɗaya ne zai kare kansa. Koren ƙyaure kuwa gida uku ne, duk suka miƙe.

Mai Unguwa bai ɗaga murya ba. Sandarsa ya ƙwanƙwasa a ƙasa, ya miƙo mini tocilarsa, ya ce, "Malam, ka karanta musu doka, amma ka tambaye su ko sun yarda?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai a rubuce take."

Ya ce, "A takardarka."

Ya sake buɗe taron daga farko. Ya faɗi abin da aka taru a yanke, abu ɗaya: nawa gida zai biya, nawa shago. Wanda ya kashe taransifoma ba zancen yau ba ne. Mai tocila shi ke da magana, kuma shugaban taro zai fuskanta, ba abokin gardamarsa ba. Gaisuwa an yi ta a madadin kowa, minti biyun na lissafi ne. Kowace doka ya faɗa sai ya tsaya ya ce, "Mun yarda?" sai an amsa ya wuce. Ya fara tambayar Baba Alhaji, da gangan, don dokar da dattijo ya amsa a gaban jama'a yaro ba ya kunyar tuna masa ita. Wayar kuma ya karɓe daga hannun jikan ya ba Ladan.

Abin mamaki, da wani ya sake ɗauko zancen tartsatsi, ban ko buɗe baki ba jama'a suka ce, "Ba mu yarda da wannan ba ɗazu!" Mai waldan da kansa, da tocila ta zo hannunsa, ya kawo mafita: gida naira 8,000, shago 20,000. Na gidaje 400,000 ke nan, na shaguna 200,000, kuɗin gyara ya cika cif.

Daɗi ya kama ni, na miƙa tocila ga mai koren ƙyaure ya yi godiya. Ya haske fuskata da ita, ya ce, "Shugaba, ni ban kira suna ba. Amma gidan da ke da firiza biyu, ana sayar da ƙanƙara da zoɓo, gida ne ko shago?"

Na ce, "Ai wannan sana'ar uwargida ce, ba..."

Jama'a suka haɗa baki: "Malam, ba ka da tocila!"

Aka yanke gida 49, shago 11. Rarar naira 12,000 da ta fito aka ce ta kuɗin motar masu gyara ce, kuma ni aka sa na rubuta da hannuna, tunda ni ke da biro.