Wasiƙa Zuwa Ga Auta: Yadda Ake Shawo Kan Maigidan Nawa Ya Ci Tuwo

Auta,

 Na ce bari in rubuto, tunda duk lokacin da na fara magana a waya sai ki ce kati ya ƙare. Takarda dai ba ta cin kati, kuma bokon yaƙi da jahilcin da na yi bai gudu ba.

Kin kira ni kina shessheƙa, wai ɗanki, maigidan nawa, ba ya cin komai, kwana uku rabonsa da abinci. Na kuwa zo na kwana biyu a gidanki, na zuba ido ban ce uffan ba. To ga abin da wannan bawan Allah da ba ya cin komai ya ci ranar Talata, a kan idona. Da sassafe kofin shayi da madara da sukari. Da hantsi biskit guda uku, daga hannun ubansa. Kafin azahar rabin kwalbar lemo, wai don kada ya yi kuka. Can maƙwabciyarki ta shigo da cincin. Tsakanin wannan da wancan kuma fida cike da madara har sau uku. Sannan da la'asar kika kawo shinkafa da miya a farantin da ko direban tirela zai gani ya yi hamdala, kika ce yaro ya cinye. Da ya kawar da kai sai kika dube ni, idonki ya ciko, kika ce, "Inna, kin gani ko?" Na gani ƙwarai.

Shawarata ta farko ita ce ki kama hannunsa ki dunƙule masa shi, ki duba da kyau. Cikin nasa bai wuce haka da yawa ba. Ɗan rumbun nan idan kika cika shi da ruwan shayi da madara, tuwo a ina zai zauna, a soro? Madara ba laifi ba ce, amma a wuni kada ta wuce ƙananan kofi 2, wajen rabin lita ke nan, kuma a kofi, bayan ya ci abinci. Fidar nan ki ba ta sallama, ta yi aikinta. Shayi kuwa ki bar wa ubansa. Malamar asibiti ta taɓa gaya mini cewa ganyen shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfen da ke cikin abinci, wanda da shi ake yin jini. Yaron da jininsa ya yi ƙasa cin abincinsa raguwa yake yi, sai a ƙara masa shayi don tausayi, sai jinin ya ƙara yin ƙasa. Haka za ku yi ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Akwai kuma abin da ba a gaya muku. A shekararsa ta farko jariri kan ninka nauyin haihuwarsa wajen sau uku, shi ya sa yake ci kamar fara. A shekara ta biyu kuwa kilo 2 zuwa 3 kawai yake ƙarawa. Girman ya lafa, cin ma dole ya lafa. A daidai lokacin nan ne kuma yake gano kalmar da ta fi kowace daɗi a bakinsa, wato "a'a", ya kuma lura cewa da ya furta ta gidan gaba ɗaya ke tashi tsaye. Ke da cokali, ubansa da waya yana kunna masa waƙa, 'yar aikinku tana rawa, ana bin sa daga ɗaki zuwa tsakar gida kamar rakiyar ango. Wa zai ga wannan sarauta ya yarda ya sauka saboda loma ɗaya? Ni ma da za a yi mini haka, ba zan ci ba.

Saboda haka a raba aiki, kowa ya tsaya a nasa. Naki shi ne abin da za a ci da lokacin da za a ci. Nasa shi ne yawan da zai ci, har da cewa ba zai ci ba. Abinci sau uku, da ɗan abin taɓawa sau biyu a tsakani, kamar yankan gwanda ko ayaba ko ƙosai guda biyu. Abin da ya rage na wunin kuwa, ruwa zalla. Ki shimfiɗa tabarma, ki zuba masa cokali uku ko huɗu kacal a ɗan kwanonsa, ki zauna ki ci naki kina santi kamar ba ki san da shi ba. Idan ya cinye ya miƙo kwano, ki ƙara. Idan minti 20 zuwa 30 sun wuce yana gina gida da tuwon, ki ɗauke kwanon ba faɗa ba zagi, ki wanke masa hannu. Wurin da ake faɗuwa jarrabawa yana gaba kaɗan, lokacin da zai dawo yana jan zaninki yana nuna kwalin biskit. Ki ce masa abinci sai an jima, ki ba shi ruwa. Zai yi birgima. Birgima ba ta taɓa kai kowa asibiti ba, wanki kawai take ƙarawa. Kwana uku na farko za ki ji kamar ke ce muguwar uwar unguwa. Ki daure, yunwa ta fi ni da ke iya lallashi.

Uban yaron nan fa sai kin yi da gaske. Ba zan faɗi laifin suruki ba, kunya ba za ta bar ni ba. Zan dai ce aljihun rigarsa ya fi kantin bakin layi kaya, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ki roƙe shi cikin ladabi ya mayar da tsarabar nan ƙwai ko lemon zaƙi.

Na ce ƙwai, na san abin da za ki tuna. E, ni ce na hana ku ƙwai kuna yara, wai mai cin ƙwai ɓarawo yake zama. Haka aka gaya mana. Na tsufa yanzu, na ga ɓarayi iri-iri, ban ga wanda ƙwai ya lalata ba. Ki dafa masa guda ɗaya kullum idan da hali.

Tunda cikin ƙarami ne, kowace loma sai ta biya kuɗin hayar wurin da ta zauna. Kokon nan naki mai kama da ruwan wanke ƙwarya ba ya biya. Ki samu gero gwangwani 6, waken suya gwangwani 3, gyaɗa gwangwani 1. Ki tsince gyaɗar, duk wadda ta yi fumfuna ki zubar. Ki soya kowanne daban sama-sama, ki surfe waken suyan ki fece ɓawon, sannan a haɗa a niƙo. Ki dama da kauri, ki bar shi ya dahu sosai. Gwajinsa a cokali yake: ki ɗebo ki karkata, idan ya zube kamar ruwa an yi asarar itace, idan ya tsaya yana shawara kafin ya sauko to ya yi. Ki zuba ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa a kai. Garin nan kada ki niƙa na wata guda ki ajiye, mai gyaɗa ne, yana saurin canza wari.

Sauran abincin kuwa na gida ne, abin da kuka ci shi zai ci, sai dai ki ɗebi nasa kafin ki zuba yaji. Alala, faten dankali da alayyafo, kabewa a miyar taushe, ɗanwake a yanka ƙanana, hanta a daka a miya, kifi a cire ƙaya da kyau. Ki bar shi ya sa hannu ya yi dama-dama. Gyaɗa guda-guda da aya da gugguru kada su kusanci bakinsa tukuna, suna iya faɗawa hanyar numfashi.

Kada ki sake ce mini "ba ya cin zogale" bayan sau biyu kika gwada. Yaro kan ga sabon abinci sau 10, wani har 15, kafin ya amince da shi. Ubanki ma sai da ya yi zarya gidanmu ta fi haka kafin in ko ɗaga kai in dube shi. Ki ɗora ɗan kaɗan a gefen abin da ya saba ci, ya shinshina, ya lasa, ya tofar, duk ciniki ne ake yi. Bayan kwana biyu ki sake kawowa. Idan kina son abin ya yi sauri, ki kira yaran maƙwabta ki zuba musu a tire ɗaya. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Wanda ya ƙi tuwo don ke, zai ci don kada wani ya riga shi.

Yanzu bari in ajiye wasa. Na ji gwaggonki ta ce ki yi masa ɗura. Kada ki kuskura. Ni na yi, na san abin. Na matse yayanku babba a cinya, na toshe masa hanci, na tara koko a tafin hannu ina zuba masa yana kuka. Ya ƙware har ya yi shiru. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi, haƙarƙarinsa na shiga yana fita, muka yi mako a gadon asibiti. Likita ya ce kokon huhu ya tafi. Allah ya tashi kafaɗarsa, amma har yau idan ya ga koko sai ya tashi daga wurin, ga shi da furfura. Haka kuma maganin sa cin abinci da ake saya a kemis, da yawansa barci yake sa yaro, kada ki ba shi sai likita ya rubuta.

Da mai yanga da mara lafiya akwai bambanci, kuma ido na gani. Maigidan nawa na gan shi yana hawa kujera yana dirowa, yana korar kaji, fitsari da bayan gida lafiya lau. Wannan mai yanga ne. Amma ki riƙa kai shi awo, ki duba layin da ke katinsa. Idan wata biyu ko uku layin ya kwanta bai hau ba, ko ya juyo ƙasa, maganar ta wuce ta kaka. Su auna damtsensa da ɗan tef ɗin nan mai launi uku: kore lafiya, rawaya a tashi tsaye, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Ki danna bayan ƙafafunsa da babban yatsa ki ƙirga uku, idan rami ya zauna a duka biyun ki ɗauki mayafinki a ranar, ko da kumatunsa sun cika. Haka idan tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, ko yana cin ƙasa, ko gudawa ta ƙi tsayawa, ko yana ƙwarewa duk lokacin da zai haɗiya. Ki leƙa bakinsa ma, wani lokacin gyambo ne ko farin abu a harshe ke hana shi. In kin je, ki tambaye su maganin tsutsar ciki da ɗigon bitamin A, duk wata shida ake bayarwa.

Ki gwada abin da na ce mako biyu cur, ba tare da kin saci hanya kin ba shi fida da tsakar dare ba. Idan ya gagare ki, ki ƙulla masa kayansa ki kawo mini shi. Gidana babu biskit, akwai jikoki bakwai da tire ɗaya. Ki gaida mai gidanki, ki ce wa nawa kuma ina nan ina jiran kuɗin cefane.

Taki,
Inna